Rodi Uku, Tan Goma Sha Takwas: Nazarin Rahoton Gwajin Jan Ƙarfe a Wani Gini a Kano

Rahoton shafi biyu ne kacal. Shafin farko yana ɗauke da bayanin abin da aka kawo ɗakin gwaji da alƙaluman da injin ya bayar, na biyu kuma hukunci da iyakokinsa. Aikin da ya shafa bene ne mai hawa biyu a Kano, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama. Injiniyan da ya zana ginin ya yi lissafinsa a kan rodi mai darajar B500B bisa ƙa'idar BS 4449 ta shekarar 2005, haka kuma aka rubuta a takardar kwangila. An sauke rodi mai milimita 16 kimanin tan 18 a filin aikin, a tirela biyu da suka zo a ranaku daban, aka jibge su wuri ɗaya. Ɗan kwangila ya sa yaransa suka yanko guntaye uku, ya kai ɗakin gwaji da kansa. Aikina a wurin shi ne sa ido a madadin mai gini, don haka rahoton ya biyo ta hannuna kafin a ci gaba da ɗaurin rodin bim da dakin.

Kafin a taɓa alƙaluma, akwai layukan da mutane ke tsallakewa a saman shafin farko, alhali rabin ma'anar rahoton na cikinsu. An rubuta ranar da aka karɓi samfurin da ranar da aka gwada shi. An rubuta cewa an bi hanyar ISO 15630-1, wadda ita ce hanyar gwada rodin kankare, tare da ISO 6892-1 da ta tsara yadda ake jan ƙarfe har ya tsinke. An rubuta lambar injin da ranar da aka daidaita shi, aka ce yana mataki na ɗaya, wato kuskurensa wajen auna nauyin ja bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. An kuma rubuta zafin ɗakin, digiri 28. Wannan ba ado ba ne: ƙa'idar ta ce a yi gwajin tsakanin digiri 10 da 35, kuma duk wanda ya san Kano a watan Afrilu ya san ɗaki marar na'urar sanyaya wuri yana iya haura hakan da rana. Sai layuka biyu da suka fi sauran nauyi. A gurbin wanda ya ɗebi samfur an rubuta cewa mai kawowa ne ya ɗeba. A gurbin lambar narki, wato lambar da masana'anta ke bai wa kowace tukunyar ƙarfe da ta narka, an rubuta cewa ba a bayar ba.

Abin da injin ya yi

Kowane guntu tsawonsa milimita 600. Aikin farko ba ja ba ne, awo ne: ma'aikacin ya auna tsawo, ya ɗora guntun a sikeli, ya fitar da nauyin mita ɗaya. Rodi yana da haƙarƙari a jikinsa, shi ya sa ba a dogara da matse shi da ma'aunin kauri, domin inda ka ɗora bakin ma'aunin shi zai yanke abin da za ka karanta. Nauyi ba ya ruɗi haka. Rodi mai milimita 16 ya kamata mita ɗayansa ya yi kilo 1.58, faɗin bakinsa kuma murabba'in milimita 201. Ƙa'idar ta yi sassaucin kashi 4.5 cikin 100 sama ko ƙasa ga rodin da ya wuce milimita 8, don haka duk abin da ya gaza kilo 1.51 a mita ya fita daga layi.

Bayan nan aka yi wa guntun alamu a tazara daidai, aka damƙe kansa da gindinsa a muƙamuƙan injin, aka fara ja a hankali. Da farko ƙarfen yana miƙewa kaɗan ƙwarai, kuma da za a sake shi a lokacin da ya koma yadda yake. Sai a kai wani geji inda nauyin da injin ke nunawa ya tsaya cak ko ya ɗan faɗo, alhali ƙarfen na ci gaba da miƙewa. Wannan shi ne gejin saki, wanda rahoto ke rubutawa da Re, kuma a kansa injiniya ke gina lissafinsa, domin bim ɗin da rodinsa ya wuce wannan geji ya lanƙwashe ke nan, ba ya komawa. Idan aka ci gaba da ja, ƙarfen yana sake taurarewa, nauyi ya ƙara hawa har ya kai ƙololuwa, wadda ake rubutawa da Rm. Daga nan wani wuri a jikin rodin ya tsuke, ya tsinke da ƙara.

Ga abin da aka samu. A teburin, kN ma'aunin nauyin ja ne, kowane ɗaya newton dubu, MPa kuma adadin newton ne da ke kan kowane murabba'in milimita na bakin rodi:

| Samfur | Nauyi a mita | Nauyin ja a gejin saki | Re | Rm | Rm/Re | Agt |
|---|---|---|---|---|---|---|
| A | 1.56 kg | 108.5 kN | 540 MPa | 628 MPa | 1.16 | 9.1% |
| B | 1.54 kg | 105.1 kN | 523 MPa | 606 MPa | 1.16 | 8.4% |
| C | 1.45 kg | 95.5 kN | 475 MPa | 557 MPa | 1.17 | 9.6% |

Darajar B500B tana neman abu uku daga gwajin ja: gejin saki na 500 MPa, rabon Rm da Re na aƙalla 1.08, da miƙewa a ƙololuwar nauyi, wato Agt, ta aƙalla kashi 5 cikin 100. Biyun ƙarshe ba ƙarfi suke aunawa ba, haƙuri suke aunawa. Rodin da ke da tazara tsakanin sakinsa da tsinkewarsa, yake kuma miƙewa sosai kafin ya rabu, shi ne yake bari bim ya tsattsage ya sunkuya mutane su gani su fita. Wanda ba shi da wannan tazara yakan karye ba sallama. A nan duka ukun sun yi kyau, babu wanda ya yi kusa da iyaka.

Hukuncin da ke shafi na biyu gajere ne. Samfur A da B sun dace da B500B a abubuwan da aka gwada. Samfur C bai dace ba ta fuska biyu: nauyinsa ya gaza na ƙa'ida da kashi 8.2 cikin 100, gejin sakinsa kuma 475 MPa ne, ƙasa da 500, ƙasa ma da 485 wanda shi ne mafi ƙarancin abin da ƙa'idar ta yarda guntu ɗaya ya bayar.

Gardama ta farko: da wane faɗi aka raba?

Ɗan kwangilar ba baƙo ba ne a harkar, kuma hujjar da ya kawo tana da ƙafafu. Ya ce: "Injiniya, ƙarfen nan fa lafiyarsa lau. Su ne suka raba da faɗin da rodin ba shi da shi. A raba da faɗinsa na gaskiya ka gani."

Lissafinsa daidai ne. Injin ba ya auna MPa, nauyin ja kawai yake aunawa. Mutum ne yake raba wannan nauyi da faɗin bakin rodi. Idan aka fitar da faɗin samfur C daga nauyinsa, bisa cewa mita ɗaya ta ƙarfe mai faɗin murabba'in milimita ɗaya tana da nauyin kilo 0.00785, za a samu kusan murabba'in milimita 185. Wato rodin da aka sayar da sunan milimita 16, a zahiri bai wuce 15.3 ba.

```
1.45 / 0.00785 = 184.7 mm²
95500 / 184.7  = 517 MPa
95500 / 201    = 475 MPa
```

Guntu ɗaya, ja ɗaya, amsa biyu: ɗaya ta haye 500, ɗaya ta faɗi. Ɗakin gwajin ya raba da 201, kuma abin da ya kamata ke nan, domin bugun 2005 na wannan ƙa'ida da faɗin da aka kira rodin da shi yake aiki. Amma ko an ajiye takarda gefe, hankali ma can ya karkata. Injiniyan da ya zana bim ya rubuta rodi huɗu masu milimita 16, a ransa kowane ɗaya zai ɗauki 201 sau 500, wato kimanin 100 kN, kafin ya saki. Bim ɗin bai san ingancin ƙarfen da aka narka ba, abin da ya sani shi ne nawa kowane rodi zai riƙe. Samfur C ya saki a 95.5 kN. Adadin 517 yana ba mu labarin ƙarfen da masana'anta ta narka, cewa ba shi da laifi. Adadin 475 yana ba mu labarin rodin da aka murza daga wannan ƙarfe, cewa an rage masa jiki. Mai gini rodi ya saya.

Shi ya sa nake ganin duk rahoton da ya kawo MPa kawai, bai nuna nauyin ja a kN ba, bai kuma faɗi faɗin da ya raba da shi ba, rahoto ne da ba a iya bin sawunsa. Rodi siriri yana iya wucewa cikinsa da hatimin amincewa. Wannan rahoton ya kawo duka, shi ya sa gardamar ta mutu da kalkuleta a tsaye, ba sai an koma ɗakin gwaji ba.

Akwai dalilin kasuwa a bayan siririn rodi da ya kamata mai gini ya sani. Rodi mai tsawon mita 12 da milimita 16 cikakku nauyinsa kusan kilo 19 ne, don haka tan ɗaya yana ba da kusan guda 53. Idan mita ɗaya ta koma kilo 1.45, tan ɗaya zai ba da guda 57 da 'yan kai. Wanda ya saya da awon tan ya sayar da ƙirgen sanda, ribar sanda huɗu ta faɗo masa a kowane tan, kuma ido ba ya raba 16 da 15.3 a cikin tari.

Gardama ta biyu: a haɗa a raba uku

Da wannan ta faɗi, sai ya koma ga matsakaici. A haɗa 540 da 523 da 475 a raba uku, a samu 513, ai ya haura 500. Wannan ita ce fahimtar da ta fi yaɗuwa a wuraren aiki, kuma ta fi ta farko haɗari.

Adadin 500 da ke cikin sunan B500B ba matsakaici ba ne. Geji ne da ake so kashi 95 cikin 100 na rodin su kai ko su wuce. Tarin da matsakaicinsa ya tsaya a 500 daidai, kusan rabinsa na ƙasa da abin da injiniya ya lissafa. Saboda haka masana'antar da ke son kayanta su amsa wannan suna dole ta sa matsakaicinta ya yi sama sosai, ta kuma rage bambancin da ke tsakanin sanda da sanda. Sannan a cikin gini, rodi ba sa rabon ƙarfi daga nesa. Idan bim ɗin da ke kan ƙofar shago ya samu huɗu irin C, ƙarfin A da ke cikin wani ginshiƙi a bayan gini ba zai zo ya taimaka masa ba.

Wani ya tambaya ko kuskuren injin ba zai iya ceto samfur C ba. Kashi 1 cikin 100 na 475 bai kai 5 ba. Ko an ba shi duk wannan rangwame ya tsaya a 480. Inda wannan tambaya ke da nauyi shi ne idan sakamako ya faɗo daf da iyaka, kamar 484 ko 487, kuma a nan ne ɗakin gwaji mai bin ISO/IEC 17025, ƙa'idar da ke tsara aikin ɗakunan gwaji, yake bayyana dokar da ya bi wajen cewa ya dace ko bai dace ba. A wannan lamari tazarar ta wuce nan.

Sakin layin da ba a so a karanta

A ƙasan hukuncin akwai 'yan layuka da ƙananan haruffa. Ma'anarsu ita ce: sakamakon nan ya shafi guntayen da aka gwada ne kawai, kamar yadda aka karɓe su. Ɗakin gwaji bai ɗebi samfurin ba, bai ga tarin da aka yanko su ba, don haka ba ya yanke hukunci a kan wannan tari. Ba a yi gwajin lanƙwasa da mayarwa ba, ba a binciki sinadaran ƙarfen ba, ba a auna haƙarƙarin jikinsa ba.

Mai ginin da ya ji an karanta wannan, ransa bai yi daɗi ba. Ya ce: "To Injiniya, kuɗin me na biya ke nan, idan su da kansu sun ce ba su san kayana ba?" Na ce: "Ranka ya daɗe, wannan layin shi ne ya sa na yarda da sauran takardar. Da sun rubuta cewa tan 18 ɗinka lafiya ko ba lafiya, da sun faɗi abin da ba su gani ba."

Tan 18 na wannan rodi sanda ce wajen 950. An yanko guntaye uku, kowanne bai kai mita ba. Ba a san ko daga sanduna uku aka yanko su ba ko daga biyu, ba a san daga wace tirela ba, kuma wanda ya zaɓa shi ne wanda yake so sakamako ya yi kyau. Ba zargi ba ne, yanayin abin ne: yaron da aka aika yanko rodi na saman tari zai jawo, wanda ya fi sauƙin fitowa. Mai sayen hatsi a Dawanau ba ya yarda da tafin da mai kaya ya miƙo masa daga bakin buhu, shi yake zaɓen buhun da za a soka da wurin da za a soka. Rodi ya fi hatsi buƙatar wannan, domin yawancin wanda ake yi a ƙasar nan daga tsofaffin ƙarafa ake narka shi, kuma abin da ya shiga tukunyar yau ba lalle ya zama irin na jiya ba. Lambar narki ita ce igiyar da ke ɗaure guntun da aka gwada da sauran sandunan da suka fito tukunya ɗaya da shi. Inda babu ita, rahoto ba shi da hanyar tsallakawa daga guntu zuwa tari.

Wannan iyaka tana yanka ta ɓangare biyu, kuma na ga ya zama adalci a faɗa wa ɗan kwangilar haka. Kamar yadda A da B ba su wanke tan 18 ba, haka C bai la'anci tan 18 ba. Abin da C ya tabbatar shi ne akwai rodi marar cika a cikin tarin. Nawa ne, a ina yake, rahoton bai ce ba kuma ba zai iya cewa ba.

Abubuwan da aka ce ba a gwada ba su ma ba ƙanana ba ne. Rodi yana iya cin gwajin ja da kyau ya kuma tsage a hannun mai lanƙwasa shi, musamman idan sinadarin kabon ya yi masa yawa. Ƙa'idar ta sa iyaka ga kabon da sauran sinadaran da ke sa ƙarfe ya ƙi walda, kuma injin ja ba ya ganin wannan. Haƙarƙari kuwa shi ne ke riƙe rodi a cikin kankare. Idan ya yi lafe-lafe, rodin na iya zamewa tun bai kai gejin sakinsa ba. Saboda haka kalmomin "a abubuwan da aka gwada" da ke cikin hukuncin A da B suna da aiki. Sun dace a ja da nauyi, ba a ce sun cika dukkan ƙa'idar ba.

Abin da aka yi da rahoton

An dakatar da ɗaurin rodi mai milimita 16, aka koma kan tarin. Abu na farko ba ya cin ko kwabo: duba tambarin da masana'anta ke murzawa a jikin sanda. Da aka goge tsatsa aka duba, sai ga tambari iri biyu. Aka sa leburori suka rarrabe, tari ya koma biyu, ɗaya wajen tan 11, ɗaya wajen tan 7. Ragowar samfur C da aka karɓo daga ɗakin gwaji tambarin ƙaramin tarin ne a jikinsa, A da B kuma na babban. Tun a wurin aka yanki mita ɗaya-ɗaya daga sanduna da dama aka ɗora a sikeli. Na babban tari suna yawo tsakanin kilo 1.53 da 1.57, na ƙarami tsakanin 1.43 da 1.48. Sikeli na kirki da tef ɗin awo sun nuna inda matsalar take kafin injin ja ya sake motsi.

Sai ɗebo samfur na biyu, wannan karon a gaban kowa. BS 4449 ta tanadi hanya ga kayan da ba su zo da shaidar wata hukuma mai sa ido a masana'anta ba: a ɗebi guntaye 15 daga sanduna 15 daban-daban a kowane rukuni, a gwada, a fitar da matsakaici da ma'aunin warwatsuwar sakamakon, sannan a cire warwatsuwar sau 2.33 daga matsakaicin gejin saki. Abin da ya rage shi ne zai kai 500 ko ya gaza. Haka aka yi wa kowane tari. An zaɓo sanduna daga sama da tsakiya da ƙasa, aka yanka da injin yanka ba da wutar gas ba, domin irin rodin da ake taurara bayansa da ruwa a masana'anta zafi yana sassauta shi a inda ya taɓa. Aka rubuta lamba da fenti a kowane guntu da kuma sandar da ya fito, ni da wakilin ɗan kwangila muka sa hannu a takardar, aka kai tare. Aka kuma nemi a ƙara gwajin lanƙwasa da mayarwa: a naɗe rodin digiri 90 a kan sandar da kaurinta ya ninka nasa sau huɗu, wato milimita 64, a dafa shi a zafin digiri 100, a mayar da shi baya aƙalla digiri 20, a duba ko ya tsage.

A cikin talatin ɗin, guntu ɗaya ya tsinke a cikin muƙamuƙin injin. Ma'aikacin bai sa shi a lissafi ba, ya nemi a kawo wani daga sandar da ke da lambarsa, ya kuma rubuta hakan a rahoto. Daidai ya yi, domin haƙoran injin suna raunata wurin da suka ciza, kuma tsinkewa a nan ba ta nuna haƙiƙanin miƙewar rodin. Da ba a sa wa sandunan lamba ba, da babu inda za a koma.

Rahoto na biyu ya zo da wannan:

```
541 - (2.33 × 13) = 511 MPa
492 - (2.33 × 14) = 459 MPa
```

Layin sama na babban tari ne: matsakaici 541, warwatsuwa 13, ya haye. Na ƙasa na ƙaramin tari ne: matsakaici 492, warwatsuwa 14, ya faɗi da tazarar 41, kuma dukkan guntayensa 15 sun gaza a nauyi. Duka tarin biyu sun ci gwajin lanƙwasa. Abin lura a nan shi ne wasu guntayen ƙaramin tari sun haura 500 su kaɗai. Da yaron ɗan kwangila ya yi sa'ar jawo irinsu a karon farko, kuma da ɗakin gwajin bai auna nauyi ba, da rahoton farko ya fito fes babu aibi, da tan 7 ɗin nan sun shige cikin bim da dakin.

Rahoto na biyun shi ma bai zo ba iyaka ba, kuma ya faɗe ta. Hanyar guntaye 15 an tsara ta ne don rukunin da ya fito daga narki ɗaya. Mu da tambari muka raba, ba da lambar narki ba, domin dillalin bai iya kawo takardar masana'anta ba. Tambari yana nuna masana'anta ɗaya, ba ya nuna tukunya ɗaya. Ɗakin gwajin ya rubuta cewa masu aikin ne suka ayyana rukunan, shi bai tabbatar da cewa kowanne narki ɗaya ba ne. Abin da ya kwantar mana da hankali a kan babban tari shi ne ƙarancin warwatsuwarsa da daidaiton nauyinsa, waɗanda ke nuna kayan sun yi kama da juna. Hujja ce mai ƙarfi, amma ba ta kai takardar narki ba, haka kuma na rubuta a bayanin da na miƙa wa mai gini. Sinadarai kuwa har yanzu ba a gwada ba, don haka aka hana yi wa wannan rodi walda a ko'ina cikin aikin, aka tsaya a kan haɗi da waya bisa tsawon da zane ya nuna.

Saura tambayar da ta fi tsada: kafin a dakatar da aiki an riga an zuba ginshiƙan ƙasa guda shida da rodi daga gaurayayyen tarin. Wannan ba hurumin ɗakin gwaji ba ne, ba kuma nawa ba ne, na injiniyan da ya zana ginin ne. An aika masa rahotannin biyu, ya sake lissafin ginshiƙan shida yana ɗaukar cewa duk rodin da ke cikinsu na ƙaramin tari ne, ya sa 459 a gurbin 500. Kowane ginshiƙi yana da rodi shida, don haka abin da aka rasa kimanin 49 kN ne a kowanne. A ginshiƙi gajere da nauyi ke dannewa daga sama, kankare ne ke ɗaukar kaso mafi girma, kuma zanen yana da rarar da ta shanye wannan giɓi, sai ya amince da su a rubuce. Ya ƙara da cewa da bim ne ko dakin da amsar ta canza, domin a can rodi ne kaɗai ke riƙe ɓangaren da ake ja, kuma raguwar kashi 8 cikin 100 a ƙarfin rodi kusan haka take fitowa a ƙarfin bim ɗin.

An shafa wa ƙaramin tarin jan fenti a kawunan sanduna, aka loda shi aka mayar wa dillali a kan kuɗin ɗan kwangila. Kayan da aka kawo a madadinsa ba a sauke su ba sai da aka duba tambari, aka auna mita ɗaya daga sanduna biyar a sikeli tirela na tsaye, sannan aka jibge su daban da lambar ranar zuwansu har sakamakon gwajinsu ya fito. A takardar odar da ta biyo baya an ƙara sharaɗi biyu: kowace tirela ta zo da takardar masana'anta mai lambar narki, kuma biyan kuɗi da awon nauyi za a yi, ba da ƙirgen sanda ba.